Sunan Injiniya Labaran a Kan Allo

A layin masu gyaran waya da sola na kasuwar Batsari babu wanda ya taɓa jin Labaran ya kai gaisuwa ƙarshenta. Kana "ina kwana," shi ya riga ya kai "me ya lalace?" In dattijo ya tsaya yana tambayarsa gida da iyali da gajiya, sai ka ga ƙafarsa tana karkarwa a ƙarƙashin tebur, idonsa na kan abin da ke hannun dattijon. Cewa yake gaisuwa ce ta hana Bahaushe ci gaba. Ya faɗi wannan magana a wurin mai shayi ya fi sau ɗari, kuma kowace faɗa tana cin lokacin da ya ishi mutum ya gaida unguwa guda.

Ba a haife shi Injiniya ba. A wata 'yar unguwa aka haife shi kusa da Ruma, shi ne auta, kuma yana shekara huɗu uwarsu ta rasu. Yayarsa Indo ce ta goye shi, ta tafi da shi ɗakin aurenta, ta cire masa ƙaya, ta yi jinyarsa da ya yi ƙyanda. Abin da uwar ta bar musu zabi ne, wani iri farare tas da ba a cika gani ba a wajen, kuma da ƙwansu da 'ya'yansu Indo ta ɗauki nauyin karatunsa har ya je Katsina ya yi shekara biyu yana koyon lantarki. Da ya dawo sai ya dawo da kwamfuta ta hannu, da tabarau wanda idonsa bai buƙata, da kuma sunan da ya raɗa wa kansa. Ya sa aka rubuta Injiniya Labaran a saman rumfarsa, da bayan babur, da murfin akwatin kayan aiki. Indo kaɗai ta ci gaba da kiransa Auta, shi kuwa in a gaban mutane ne sai ya yi kamar bai ji ba.

Kada a zalunce shi, hannunsa yana da kyau. In ya yi walda da dalma sai ka ga ɗigon ya zauna sumul. Ciwonsa ɗaya ne, ya ɗauka duk abin da bai gane amfaninsa ba to ba shi da amfani.

A rumfar da ke jikin tasa akwai Malam Surajo, wanda ya girme shi da shekara ashirin. Da gyaran rediyo ya fara, rediyo ta ja baya ya koma sikelin lantarki na masu awo da injinan sola. Mutum ne mai nawa, yakan share teburinsa kafin ya taɓa komai, kuma yana da wata tsohuwar jaka cike da takardun bayanin kayan lantarki da yake zuwa a buga masa a shagon kwamfuta. Labaran yana kiran jakar nan kabarin takardu.

Shekarar da labarin nan ya faru, Labaran ya ƙudura zai ƙera injin ƙyanƙyasar ƙwai. Ya samo gawar wani ƙaramin firiji, ya sa ƙwan fitilar mota a ciki don zafi, da fanka, da ƙaramin moto mai juya tiren ƙwai lokaci-lokaci. A jikin ƙofa ya dasa ƙwaƙwalwar injin, wata 'yar baƙar aba mai ƙafafu wadda ake zuba wa umarni daga kwamfuta. Ita ke auna zafi tana kunna fitila tana kashewa. Sama da ita ya sa allon gilashi kore, irin mai layi biyu, kowane layi harafi goma sha shida, don mai injin ya riƙa ganin zafin ciki. Gefen allon akwai maɓalli biyu, na sama yana ƙara zafin da ake so da rabin digiri, na ƙasa yana ragewa.

Allon nan yana da wayoyin saƙo takwas, amma ƙafafun ƙwaƙwalwar ba su ishe shi ba, don haka ya haɗa huɗu kawai, kamar yadda kusan kowa ke yi. Da waya huɗu, kowane harafi da kowane umarni sai an raba shi biyu, a tura rabin farko, a ƙwanƙwasa wa allon ta wata waya daban ya karɓa, sannan a tura rabi na biyu a sake ƙwanƙwasawa. Umarnin tayar da allon kuwa Labaran bai ƙirƙire shi ba, daga tsohon aikinsa na makaranta ya kwafo, kuma yana aiki lafiya lau.

Sai ga shi yana so duk lokacin da aka kunna injin sunansa ya fara ratsa allon daga dama zuwa hagu, da lambar wayarsa a ƙasa. Da ya ƙara wannan, manhajar kyauta da yake amfani da ita ta ƙi, ta ce umarnin ya wuce girman da ta yarda. Da kaɗan ya wuce. Ya zauna yana neman abin da zai yanke, idonsa ya faɗa kan wurin tayar da allo, inda aka tura lamba uku, aka jira, aka sake tura uku, aka jira, aka kuma tura uku, sannan aka tura biyu. Ya yi tsaki ya goge ukun nan duka da jiransu, ya bar biyun kaɗai, ya rage jiran farko daga milisakan hamsin zuwa goma sha biyar don shi ma ya ba shi haushi, alhali milisakan dubu ne ke yin daƙiƙa ɗaya. Ya kunna a kan teburinsa. Sunansa ya ratsa allo yana tafiya kamar ango.

Ya kira Malam Surajo ya gani, ba don neman shawara ba. Malam Surajo ya yaba aikin, sannan ya ce a nuna masa yadda aka tayar da allon. Ya daɗe yana kallon kwamfutar.

"Ina ukun?" in ji shi.

"Na kore su. Magana ɗaya sau uku, sai ka ce da kurma ake yi."

"Ai kusan da kurman ake yi, Labaran. Lokacin da ƙwaƙwalwarka ta farka, ba ta san halin da allon yake ciki ba. Ko yana jiran saƙo ta waya takwas, yadda yake tashi in wuta ta zo masa daidai. Ko ya riga ya koma waya huɗu yana jiran rabin farko. Ko kuma ya karɓi rabi yana jiran cikon. Ukun nan guda uku, a kowane hali suka same shi, sai sun dawo da shi kan waya takwas. Daga nan ne in ka tura biyu zai gane cewa ka ce a koma huɗu, ku fara tare."

"To ga shi yana yi ba tare da su ba."

"A kan teburinka. Wutarka a nan tana tashi tsaye lokaci guda, allon yana shirya kansa da kansa. Takardarsa ta ce wannan shirin kai ba ya tabbata sai wutar ta cika cikin milisakan goma. Batir ɗin ƙauye da ya kwana biyu bai ga rana ba, ba haka yake tashi ba. Kuma ran da motonka ya ja wuta ƙwaƙwalwar ta ɗauke ta dawo, allon bai mutu ba, kai za ka tura masa biyu shi kaɗai, shi kuma zai ɗauka rabin saƙo ne. Daga nan duk abin da ka aika, gindin wannan harafi zai haɗa da kan wancan."

Ya ciro takardar daga jaka ya miƙa. Labaran bai karɓa ba. Ya ce Turawan da suka rubuta ta tsoro ya yi musu yawa, kuma injinsa ba rediyo ba ne. Malam Surajo ya mayar da takardarsa, ya ce duka jiran da ake magana bai kai ƙiftawar ido ba, sannan ya koma rumfarsa. Da yamma Labaran ya ba masu shayi labarin yadda ya koya wa tsohon nan aiki.

Damina ta yi nisa lokacin da 'yan bindiga suka shiga unguwar su Indo. Ba a kashe kowa ba a ranar, amma an kore shanu da awaki, kuma washegari duk unguwar ta watse. Indo, wadda mijinta ya rasu shekara uku kafin nan, ta nufi Zakka gidan da 'yarta ke aure. Zabin ba su kamu ba, sun tashi sun faɗa daji da ƙarar bindiga, kuma babu mai komawa nemansu. Abin da ta iya ɗaukowa ƙwarya ce ɗaya cike da ƙaiƙayi, a cikinta ƙwai arba'in da ɗaya da ta tara a makon. Ta bar tabarmarta da tukwanenta ta ɗauko wannan, don duk abin da ya rage na fararen zabin uwarsu yana cikin ƙwaryar.

Ta riga ta gama shirinta. Akwai kaji uku masu kwanci a maƙwabta, an yarda za a raba musu ƙwan, yadda ake yi tun kaka da kakanni, tunda zabuwa ba ta cika zama kan ƙwanta ba. Ana cikin haka Labaran ya iso yi mata jaje, da injin ɗaure a bayan babur da faranti na sola. Jajen bai fi kalma biyar ba.

"Yaya, kaza kuma? A gidan yayar Injiniya?"

"Auta, kazar na sani. Wanga abu ban san shi ba."

"Kaza tana tashi ta bar ƙwai, muzuru ya ɗauke ta, ruwa ya shiga akurki. Wannan ba ya tashi, ba ya gajiya. Kwana ashirin da takwas ki zo ki kwashi 'ya'yanki arba'in da ɗaya."

Ta ce to a raba, rabi kaza rabi inji. Ya ɓata rai, ya ce ashe har yanzu kallon yaro take yi masa. A nan ya kama ta, don Indo ba ta taɓa iya ganin ransa ya ɓaci ba tun yana goye. Ta jera ƙwan da hannunta a tire, tana bisimilla a kan kowane. Akwai wani dalili da bai faɗa mata ba. Yana so ya ɗauki hoton fararen 'yan zabi suna fitowa a ƙarƙashin sunansa, ya nuna wa ƙungiyar masu kiwon kaji ta Safana da ke neman wanda zai ƙera musu injuna.

Bayanin da ya yi mata gajere ne kamar gaisuwarsa. Ta riƙa duba allo ta ga talatin da bakwai da rabi, ta zuba ruwa ta wannan tiyo duk kwana biyu, kada ta kuskura ta buɗe ƙofa. Maɓallan biyu bai ce komai a kansu ba, yana sauri. Indo ba ta yi boko ba amma ta san lamba, don tana kiran waya da kanta. Kullum da safe takan tsuguna gaban firijin ta duba, ta yi wa ƙwan addu'a.

Ran kwana na tara ta sami allon ya rikice. Maimakon lamba sai wasu ƙananan zane-zane, ƙugiya, kibiya, baƙin ɗigo, abin da ba ta taɓa gani ba. Ta kira Labaran. Ya ce yana da mutane. Kafin azahar moto ya sake jan wuta, ƙwaƙwalwar ta sake ɗaukewa ta dawo, ta sake tura biyun nan shi kaɗai, sai ya zama cikon rabin da allon ke jira, lamba ta dawo daidai. Sa'a ce zalla. Da ta gaya masa, sai ya leƙa rumfar Malam Surajo ya ce injinsa har gyara kansa yake yi.

"Allon ya haukace ya dawo?" in ji Malam Surajo. "Je ka mayar da ukun nan yau. Aikin minti goma ne."

Labaran ya ce sai ya samu lokaci. Ya san in ukun suka dawo sunan ne zai fita, don wurin ba zai ɗauke su duka ba.

Ran kwana na ashirin hadari ya rufe sama kwana biyu a jere, batir ya yi rauni. Da sassafe moto ya juya tire, wuta ta nutse na ɗan lokacin da ya ishi ƙwaƙwalwar ta fara daga farko, amma bai ishi allon ya mutu ba. Zane-zanen suka dawo, kuma wannan karo suka zauna, don daga baya rana ta ɗan leƙo batir ya farfaɗo, wutar ba ta sake nutsewa ba. A ciki komai yana tafiya daidai, fitila na kunnuwa tana mutuwa a kan talatin da bakwai da rabi. Da an ƙyale shi haka da ƙwan sun ƙyanƙyashe. Amma wa zai gaya wa Indo? Ta kira sau shida. Ranar kasuwa ce, Labaran yana tsaye gaban shugabannin ƙungiyar Safana yana zana musu injin a takarda, ya ga kiran ya kife wayar.

Ta yi abin da duk mai waya ke yi in fuskar waya ta ƙi nuna komai, ta danna maɓalli don ta farkar da shi. Na sama ta danna, don shi ne kusa da allon. Ba abin da ya canza a idonta. Ta jira ta sake dannawa. Matan gida suka zo, kowace ta gwada da nata yatsan. Kowace dannawa rabin digiri ce, ƙwaƙwalwar tana karɓa tana adanawa, tana kuma rubuta sabon adadin a allon da ba ya iya nuna shi. Injiniya bai sa wa maɓallin iyaka ba, shi ma wurinsa sunan ya cinye.

Kwana ɗaya da wuni ta yi tana bin umarnin kada a buɗe. Da la'asar ta biyu ta ɗora tafin hannu a jikin ƙofar, ta ji zafin da bai yi mata ba, ta buɗe. Ta ɗauki ƙwai ɗaya ta kai kumatunta. Mace ce da ta shekara arba'in tana sa hannu ƙarƙashin kaza, ba ta buƙatar allo ya gaya mata. Ta cire kan batir, ta bar ƙofar a buɗe, ta zauna a ƙasa. Saƙon da ta aika da bakin wani mai babur shi ne a ce wa Auta ya zo, ba gaggawa.

Wannan "ba gaggawa" ce ta tsorata shi. Washegari da safe ya ɗauki kwamfuta da sabon allo, kuma abin da bai taɓa yi ba, ya roƙi Malam Surajo ya raka shi. A hanya yana ta faɗin cewa allunan yanzu duk jabu ne. Malam Surajo yana bayansa rungume da jakar takardu.

A tsakar gidan Labaran ya mayar da kan batir. Layin sama na allon ya cika da baƙaƙen murabba'ai, layin ƙasa fayau, alamar allo ya samu wuta amma ba a tayar da shi ba. Ya murɗa ɗan abin daidaita duhun rubutu, murabba'an suka yi haske suka yi duhu, ba harafi ko ɗaya. Ya cire allon ya sa sabon. Murabba'an suka dawo. Gumi ya keto masa duk da sanyin damina, matan gida suna tsaye daga nesa suna kallo.

"Malam," ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "faɗa min su."

"Sai ka yi wuri tukuna."

Ya goge sunan da lambar wayar. Ya rubuta uku, uku, uku, biyu a jere da sauri, ya zuba, ya kunna. Ba abin da ya fito.

"Ka yi sallama sau uku, amma ba ka tsaya an amsa ba," in ji Malam Surajo. Ya shimfiɗa takardar a kan murfin firijin ya sa yatsa. "Daga kunnawa jira milisakan hamsin. Takarda ta ce fiye da goma sha biyar bayan wuta ta kai bolt huɗu da rabi, kai kuwa ba ka san yaushe ta kai ba, to ba shi hamsin. Wayar da ke bambanta umarni da rubutu ta zauna a kan umarni. Tura uku, rabi ɗaya kawai, ƙwanƙwasa ɗaya. Jira milisakan biyar, don an ce fiye da huɗu da ɗigo ɗaya. In yana jiran ciko ne, ukun nan na iya zama masa umarnin komawa farkon layi, kuma wannan yana ɗaukar lokaci, duk abin da ka faɗa a lokacin ba ya ji. Sake tura uku, jira fiye da kashi ɗaya cikin goma na milisakan. Uku na ƙarshe, ɗan jira irin wannan. Yanzu biyu, shi ma rabi ɗaya, ka ɗan jira."

Labaran yana bugawa, bai ɗago ba.

"Daga nan ya koma waya huɗu, komai rabi biyu ne, babban rabin a gaba. Biyu da takwas, wato waya huɗu, layi biyu. Sifili da takwas, kashe nuni. Sifili da ɗaya, share allo, a nan ka ba shi milisakan biyu cur. Sifili da shida, rubutu ya riƙa matsawa dama. Sifili da harafin C, kunna nuni. Tsakanin sauran, kashi ɗaya cikin ashirin na milisakan ya isa."

Ya zuba. Ya cire kan batir ya mayar. Allon ya tashi tsaf. Malam Surajo ya sa ya maimaita sau goma, ya sa ya tayar da ƙwaƙwalwar ita kaɗai allon yana kunne, ya sa ya kunna moto a kan raunin batir. Kowane karo rubutu ya fito garau. Duka abin da aka mayar bai cika milisakan sittin ba.

A layin ƙasa, inda ake nuna zafin da aka umarci injin ya riƙe, an rubuta arba'in da uku da rabi. Dannawa goma sha biyu ke nan. Labaran ya kalli lambar, ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba. Duk da haka bakinsa ya riga hankalinsa.

"Wa ya ce a taɓa maɓalli?"

Indo ta taso daga bakin ɗaki, ta ɗauki ƙwai ɗaya daga tire, ta fasa shi a hankali a gefen turmi. Ɗan zabon yana ciki a dunƙule, ya yi baki, ya yi ƙafafu, jikinsa ya fara gashi fari. Ta fasa na biyu, ta fasa na uku, duk haka. Ba ta ƙara ba. Ta kwashe sauran ta mayar cikin ƙwaryar da ta ɗauko su daga Ruma, ta rufe da faifai, ta ce wa 'yarta a haƙa rami a bayan gida. A kusa da katanga ɗaya daga cikin kajin maƙwabta tana yawo da 'yan tsakinta, na ƙwan da aka sa mata a madadin na zabin.

Malam Surajo ya yi mata jaje yadda ya kamata, ya tattara takardarsa, ya fita zaure ya bar su. Labaran ya fara magana, ya ce yanzu injin ya gyaru, ya ce zai nemo mata ƙwan zabi a kasuwar Batsari ko ɗari ne.

"Farare?" ta ce.

Ya sunkuya ya fara naɗe wayoyin injin.

Ya ƙera wa ƙungiyar Safana injunansu daga baya, kuma ana cewa allunansu ba su taɓa rikicewa ba. Ukun nan suna ciki da jiransu, maɓalli yana da iyaka, sunansa kuwa da fenti yake rubutawa a jikin ƙofa. In wani ya tambaye shi amfanin maimaita uku sau uku yakan yi bayani dalla-dalla, sai ka rantse shi ya gano abin.

Bayan sati biyu da binne ƙwan ya koma Zakka da buhun gero. Ya yi sallama a ƙofar ɗakinta, ta amsa, ta shimfiɗa masa tabarmar baƙi, ta kawo ruwa a kofin da ake ba baƙi. Sannan ta zauna nesa kaɗan ta fara gaishe shi. Ta tambaye shi hanya, da gajiya, da gida, da mai ɗakinsa, da kasuwa, da damina, da mutanen Batsari, da Malam Surajo, ɗaya bayan ɗaya, tana jiran ya amsa kowace kafin ta wuce. Tun da yake a duniya ba ta taɓa yi masa irin wannan gaisuwa ba, da can "Auta, ka ci abinci?" ce kawai. Ya amsa duka, ƙafarsa ba ta motsa ba, yana jira ta kai ƙarshe ta kira shi da sunan da ta saba. Da ta gama ta gyara mayafinta.

"To madalla," ta ce. "Mun gode da gero, Injiniya."